Yadda Ake Cire Tawadar Biro da ta Maka Daga Rigar Makaranta

Tun da aka koma makaranta tambayar nan take ta dawo mini, daga maƙwabta, daga 'yan'uwa, har da wata baiwar Allah da muka haɗu a layin kemis: biro ya fashe a aljihun yaro, ko wani ya zana masa maka a bayan riga, an wanke da omo har sau uku abu ya ƙi fita, yaya za a yi? Amsar da na fi bayarwa a tsaye ita ce a nemi sifirit, kuma kada a sa wa rigar dutsen guga. Amma wannan rabin magana ce, domin tawadar biro da ta maka ba halinsu ɗaya ba, kuma hannun da ke fitar da ɗaya yana iya ƙara shimfiɗa ɗayar. Zan yi magana da uwargida saboda mu muka fi tambaya, amma ɗan makarantar kwana da ke wa kansa wanki, da mai wanki da guga, duk hanyar ɗaya ce.

Ga bambancin a taƙaice, don kowane mataki da ke ƙasa a kansa ya dogara. Ki tuna tawadar allo: baƙin gawayi ko na tukunya ne da ƙaro, ƙaro kuwa ruwa na narkar da shi, shi ya sa ake wanke allo tas. Tawadar biro ba da ruwa aka dama ta ba. Kauri gare ta da maiƙo, launi ne aka narkar a cikin wani mai mai jinkirin bushewa, don haka idan ta hau yadi sai ta zauna a saman zare ta manne, ta daɗe ba ta gama ƙamewa ba. Tawadar maka kuwa tsinkakkiya ce. Launi ne da wani irin danƙo a cikin sinadari ɗan'uwan sifirit, tana taɓa yadi take nutsewa cikin zare har ta ɓullo ta baya, sinadarin ya tashi cikin daƙiƙoƙi, danƙon ya daskare ya kulle launin a ciki. Shi wannan danƙon, ruwa ba ya narkar da shi ko kaɗan, da gangan aka yi shi haka. Saboda haka biro ɗagowa ake yi daga sama, maka kuwa korawa ake yi ta cikin yadin har ta fice ta ɗaya gefen.

## 1. Abin da za a bari tukuna

Kada rigar ta shiga bokitin wanki tare da sauran kaya. Kada a zuba mata ruwan zafi. Kada a shanya ta a rana, kuma dutsen guga kada ya kusance ta, na wuta ne ko na gawayi.

Zafi shi ne babban abin da ke mayar da tabon da zai fita ya koma na dindindin. Yawancin rigunan makaranta da ake ɗinkawa a garin nan tetiron ne, wato auduga da aka gauraya da zaren roba, kuma zaren roba idan ya ji zafi sosai sai ya buɗe ya haɗiye launi, in ya huce ya rufe da shi. Daga nan ko me aka zuba, saman zaren kawai yake wankewa. Na ga riguna da yawa da aka kawo mini bayan an goge su an ninke, ana cewa ai an wanke ne bai fita ba. Da an kawo su kafin guga da aikin minti ashirin ne.

Idan biro ne ya fashe kuma tawadar tana nan danƙare a jiƙe, ki sa takarda ko tsumma ki danna ki ɗaga, ki danna ki ɗaga, har ta daina kamawa. Kada ki share gefe da gefe. Kuma ki cusa kwali ko leda a cikin rigar tsakanin gaba da baya, don kada tabon ya buga a ɗaya gefen.

## 2. Gane irin tawadar

Ki tambayi yaron da me aka yi, in ya yiwu ya kawo abin rubutun. Yara kan ɓoye don tsoron faɗa, sai ki lallaɓa shi, domin ganin biron ya fi miki amfani da hukunta shi a wannan lokacin.

In abin rubutun yana nan, ki ja layi a kan takarda, ki bari ya bushe, ki ɗiga masa sifirit. Idan layin ya yi naso, launi ya bazu, to sifirit zai yi aiki a rigar. Idan layin ya tsaya ƙyam, wataƙila irin biron nan ne mai santsin rubutu da ake kira jel. Tawadarsa ta ruwa ce, launinta kuma ƙananan ƙwayoyi ne da ke maƙalewa tsakanin zare ba sa narkewa, don haka shi sabulun ruwa da cuɗa mai yawa ya fi yi wa. Haka ma makar da malamai ke rubutu da ita a farin allo: a allo tana gogewa da sauƙi, sai mutum ya zaci a yadi ma haka take, alhali ita ma ƙwayoyin launi ce, wani lokaci har ta fi maka mai zama taurin kai.

In babu abin rubutun, juya rigar ki dubi bayanta. Layin biro siriri ne, yana ɗan sheƙi, kuma da ƙyar ake ganinsa ta baya sai fa in fashewa ya yi. Layin maka faffaɗa ne, gefensa ya yi gashi-gashi inda ya bi zare, kuma ta baya yana nan kusan kamar ta gaba.

## 3. Kayan aiki da kuɗinsu

Sifirit, wanda ake goge wurin allura da shi. Kowane kemis na unguwa yana da shi, ba sai kin je Sabon Gari ba. Ki duba ki tabbatar fari ne kamar ruwa, domin akwai wanda ake sa wa launin shuɗi-shuɗi, shi kuma zai bar nasa tabon a farar riga. Ƙaramar kwalba ɗaya ta ishi tabon biro har a rage. Maka mai faɗin tafin hannu tana iya cinye kwalba biyu.

Sai farin tsumma na auduga mai yawa, tsohuwar singileti ko tsohon zanen gado da aka yayyanka. Lallai ya zama fari, don sifirit yana iya fitar da launin atamfa ya juye shi a kan rigar. Sai audugar kemis, da farantin tangaran ko na silba, da kofin gilashi ko kwalba mai faɗin baki, da tsohon buroshin haƙori, da sabulun ruwa na wanke-wanke, da omo. Idan rigar fara ce, ki tanadi ruwan wanke ciwo da ake kira haidurojin, shi ma a kemis yake, da kuma bilic, wato haifo ko jik, amma shi sai a ƙarshe, in ma an kai gare shi.

Duka waɗannan in kin haɗa kuɗinsu ba su kai na sabuwar riga ba, idan kika lissafa yadi ɗaya da rabi ko biyu a Kantin Kwari, da kuɗin tela, da bajon da sai a makaranta ake saye. Kwalbar sifirit ita kaɗai ba ta kai kuɗin yadi ɗaya ba.

In dare ya yi an rufe kemis, sanitaizar hannu tana maye gurbinsa, muddin an rubuta a jikinta cewa sinadari ɗan'uwan sifirit da ke cikinta ya kai kashi 70 cikin 100 ko kusa da haka. Tana da wata fa'ida ma: da yake mai kauri ce ba ta saurin tashi.

Hattara: sifirit yana kama wuta nan take, kuma da rana harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai. Kada a yi aikin nan a kicin, ko kusa da kurfoti, risho, gas ko turaren wuta. A zauna a inuwa a tsakar gida inda iska ke wucewa, a kuma ɗauke kwalbar daga inda ƙananan yara za su kai hannu.

## 4. Gwaji a ɓoyayyen wuri

Farar riga ba ta da matsala da sifirit. Amma shuɗiya, koriya, ruwan ƙasa ko mai gida-gida, sai an gwada. Ki jiƙa auduga ki danna a cikin kalmasar ƙasan riga na minti ɗaya, ki duba audugar. In ta fito da launin yadin, to yadin yana zuba, sai ki rage hannu: sifirit kaɗan-kaɗan, a ɗauraye da wuri, a haƙura da abin da ya rage. Tabon biro da ya dusashe ya fi farin gurbi a tsakiyar shuɗiyar riga kyan gani.

Bajon da aka buga da fenti shi ma sifirit na iya taɓa shi. In ɗinka shi aka yi a aljihu kuma tabon yana ƙarƙashinsa, ki sa reza ki warware shi a hankali, daga baya a mayar.

## 5. Fitar da biro

Bari in ba da misali da rigar ɗana na aji biyu a ƙaramar sakandare, farin tetiron. A watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke narkar da komai, ya bar shuɗin biro ba murfi a aljihu, ya dawo gida da tabo kamar faɗin murfin kwalbar lemo a kusurwar aljihun, ya huda har jikin rigar, ya taɓa singileti.

Na juya rigar, na ninka farin tsumma gida huɗu a kan faranti, na kifa tabon a kansa, wato fuskar tabon tana kallon tsumman. Aljihu yadi biyu ne, don haka na cusa wani tsumman a cikin aljihun, na yi kowane ɓangare daban. In ba a yi haka ba, abin da ya fita daga aljihu jikin riga zai koma.

Kafin in taɓa tabon, na jiƙa auduga da sifirit na zagaye shi, na jiƙa yadin da ke kewaye. Dalili shi ne tawada in ta narke busasshen wuri take gudu, shi ne ake samun zoben shuɗi mai faɗi da ya fi tabon asali muni. In kewayen a jiƙe yake, sai ta bi ƙasa inda busasshen tsumma yake jiran ta. Sannan na fara dannawa daga gefen tabon zuwa tsakiya. Dannawa kawai, a riƙe kamar daƙiƙa goma, a ɗaga. Ba dirza.

Dannawar farko tsumman ƙasa ya yi shuɗi sharkaf. Nan ne mutane ke kuskure: suna ci gaba a wuri ɗaya, tawadar da ta sauka ta sake hawa rigar. Duk dannawa biyu ko uku sai na matsar da rigar zuwa wuri mai tsabta a tsumman, na jefar da audugar na ɗauki sabuwa. Na canza tsumma sau shida, aikin ya ci kamar minti ashirin da biyar. Alamar an gama wannan mataki ita ce ki danna da sabuwar auduga ta fito fara, tsumman ƙasa ma bai kama komai ba. A lokacin abin da ya rage a rigar wata inuwa ce mai kama da ruwan bula.

Daga nan sai maiƙon. Sifirit yana kwashe launi, amma yakan bar ɗan man tawadar, tetiron kuma yana riƙe maiƙo fiye da auduga zalla. Na ɗiga sabulun wanke-wanke kamar rabin ƙaramin cokali a wurin, na murza da yatsa, na bi da buroshi a hankali, na bar shi minti goma, na ɗauraye da ruwan sanyi ta bayan yadin. Sai na jiƙa rigar a ruwan omo na rabin awa na wanke kamar kullum. Ta fita, in ban da wani ɗan ɗigo a cikin ɗinkin kusurwar aljihu inda yadi ya ninku, wanda sai da na sake bi da tsinken ashana da na naɗa wa auduga.

In layi ne kawai biro ya ja a hannun riga ko ƙirji, duk wannan bai wuce minti biyar ba. In kuma tabon ya kwana biyu ya bushe, ki shafa masa gilisarin, wanda ake zubawa a man shafawa lokacin hunturu, ki bar shi rabin awa ya yi laushi kafin sifirit.

Hattara: da hunturu ko tsananin zafi sifirit yana bushewa kafin ya gama aiki, kuma in ya bushe da narkakkiyar tawada a ciki sai ta sake zama a sabon wuri. Kada ki tashi ki bar aikin a tsakiya. In dole ne, ki ɗauraye tukuna.

## 6. Fitar da maka

A nan ina so in faɗi gaskiya tun farko, don kada a ce na yi alkawari. Makar da aka kama a ranar, ba a wanke ba, ba a goge ba, sau da yawa tana fita ko ta kusa. Wadda ta kwana uku, ko ta sha rana a kan igiya, yawanci tana barin inuwa. Rigar da 'yan ajin ƙarshe suka rubuce gaba da baya ranar gama jarrabawa, wannan kada ki ɓata sifirit ɗinki da niyyar ƙanin mai rigar ya gaje ta. Aikin da ke ƙasa na zane ɗaya ne ko biyu.

Dannawa da auduga ba ta isa, saboda launin yana cikin zare, kuma danƙon yana bukatar lokaci kafin ya saki. Abu biyu ake yi: jiƙawa, sannan korawa.

Jiƙawa: ki kifa tabon a kan ninkakken tsumma, ki jiƙa kewayensa kamar yadda aka yi wa biro, ki ɗora audugar da ta sha sifirit sosai a bayansa, ki kifa kofi a kai don kada ya tashi. Minti biyar zuwa goma. Wannan kifa kofin shi ne abin da yawancin mutane ba sa yi, sai su ce sifirit ba ya aiki a kan maka, alhali bushewa ya yi kafin ya kai ga danƙon.

Korawa: ki ɗora wurin tabon a bakin kofin gilashi, fuskarsa tana kallon cikin kofin, ki ja yadin ya miƙe kamar fatar ganga, ki ɗaure da robar kuɗi. Sai ki riƙa ɗiga sifirit ta baya, ɗigo-ɗigo, da murfin kwalbar ko sirinjin da ba allura. Za ki ga yana ɗiga cikin kofin da launi. Tsakanin ɗigo ki riƙa bubbuga wurin da bakin buroshi, a tsaye, ba gogawa ba. Wanda ya taru a kofin zubarwa ake yi, ba a sake amfani da shi.

Baƙar maka za ta ba ki mamaki, don za ki ga tana komawa ruwan goro, ko ja-ja, ko shuɗi. Kada ki tsorata. Baƙin launuka ne da dama aka haɗa, kuma ba tare suke fita ba, wani ya fi wani saurin saki. Ganin haka alama ce aikin yana tafiya.

Idan ɗigon ya fara sauka fari, ki ɗauraye da sabulun ruwa, ki matse a tawul, ki bari ya sha iska a inuwa, ki duba. Sai a sake zagaye na biyu, har na uku. A kan rigar 'yar ƙanwata, inda wata ta ja mata layin baƙar maka mai tsawon yatsa a kafaɗa, zagayen farko ya kwashe fiye da rabi, na biyu ya bar launin toka, na uku bai ƙara komai ba. Idan zagaye bai ƙara komai ba, an kai iyakar sifirit, ƙari ɓarna ce.

Daga nan akwai abin goge jan farce, mai sinadarin asiton, wanda ake samu wurin masu kayan kwalliya. Ya fi sifirit ƙarfi a kan danƙon maka, kuma auduga da tetiron suna jure shi. Ki nemi fari marar mai, ki yi korawa da shi kamar yadda aka bayyana, kaɗan-kaɗan.

Hattara: asiton yana narkar da fentin bajo, yana dusashe maɓallan roba, yana kuma cinye wasu yadika masu santsi da sheƙi irin na shafin ciki. Ki sake gwaji a kalmasa ko da sifirit bai yi komai ba. Ya fi sifirit saurin kama wuta, warinsa kuma yana hawa kai.

## 7. Inuwar da ta rage, a farar riga kawai

Ki fara da haidurojin. Bayan an ɗauraye sifirit da sabulu tas, ki ɗiga shi a kan inuwar, ki bar shi minti goma sha biyar zuwa rabin awa a inuwa, ki ɗauraye. In na kashi 6 cikin 100 aka ba ki, ki haɗa shi da ruwa daidai wa daida. A hankali yake aiki, amma ba ya cin zare kamar bilic, kuma ana iya maimaitawa.

In ya gaza, sai bilic. Babban cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwan sanyi, wato ledar fiya wata biyu. Ki tsoma rigar duka, ba wurin tabon kaɗai ba, don kada wuri ɗaya ya fi sauran haske, bayan kin cire bajo. Minti biyar, ki duba. Kada ya wuce minti goma. Ki ɗauraye sau uku.

Abin da na fi gani yana kashe riguna shi ne a yanka ledar haifo a tsiyaya shi tsurarsa a kan tabo. A auduga zalla yana cin zaren, bayan wanki biyu ko uku wurin ya yage kamar an ƙona. A tetiron kuma yakan bar rawaya-rawaya da ba ta fita, ga tabon maka yana nan zaune a tsakiya, domin bilic ba ya narkar da danƙo, launin da ya iya kaiwa gare shi kaɗai yake kashewa. Shi ya sa yake zuwa a ƙarshe, bayan sifirit ya buɗe masa hanya.

Hattara, wannan ta lafiyarki ce: bilic ba ya haɗuwa da sifirit, ko asiton, ko lemon tsami, ko ruwan wanke banɗaki. Haɗinsu yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe ƙirji da ƙona ido. Tsakanin kowane sinadari da na gaba, a wanke rigar da ruwa mai yawa. Haidurojin ma a ɗauraye shi kafin bilic.

## 8. Dabarun da ake yawan ba da shawara

Turaren fesawa yana ɗaga biro, gaskiya ne, saboda akwai ɗan'uwan sifirit a cikinsa. Amma asara ce, kuma in mai maiƙo ne irin na durot ko humra, za ki fita daga tabon tawada ki shiga na mai. Kananzir yana motsa maiƙon biro, sai dai yana shimfiɗa shi, warinsa kuma sai an yi wanki uku, ga yaro zai sa a jikinsa. Fetur kuwa kada ma a fara. Lemon tsami da gishiri maganin tabon tsatsa ne, a kan maka ba ya yin komai. Madara da man goge baki na gwada su duka biyu, ɗan abin da suka rage cuɗawa ce ta rage shi. Bula tana ɓoye inuwar shuɗin biro a farar riga, wannan kam tana taimakawa, amma sai an gama komai.

## 9. Shanya da guga

Ki shanya a inuwa, ki jira ta bushe sarai kafin ki yanke hukunci, domin jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye tabo. In ta bushe ki fito da ita haske ki duba gaba da baya. Akwai saura, a koma mataki na 5 ko na 6. Babu, sai a sa sitati a goge. In mai wanki za ki ba wa, ki nuna masa wurin da yatsa ki ce, “Malam, don Allah kada dutse ya hau nan sai na gani,” don shi in ya tara kaya ba zai tsaya duba kowace riga ba.

Saboda wannan jiran ne nake cewa a fara aikin ranar da abin ya faru, da yamma, ko da kuwa yaron zai sa ɗaya rigar washegari. In riga ɗaya gare shi, gara ya je da ita ba guga kwana ɗaya.

## 10. In ya ƙi fita

A kai wa tela. Idan tabon a aljihu yake, ya cire aljihun ya ɗinka sabo da ƙyallen yadin, kuma in ya ɗan faɗaɗa shi zai rufe abin da ya huda jikin rigar. In a kusa da aljihu ne, wani lokaci matsar da bajo kaɗan yana rufe shi, in makarantar ba ta hana ba. Kwala ana warware ta a juya, hannu kuma ana canza shi ɗungurungum. Duk wannan sai da ƙyalle iri ɗaya, kuma farin yadi ma kala-kala ne, wanda za ki sayo bayan wata shida da wuya ya dace. Don haka ranar da za ki karɓo ɗinkin yunifom ki ce wa telan ya haɗo miki da ragowar ƙyallen, ki riƙa jefa shi cikin wanki tare da rigar lokaci-lokaci don su koɗe tare.